Kafin Ka Sayi Kebul, Leƙa Bayan Monita

Ra'ayina a kan wannan magana gajere ne. Idan kwamfutar tebur kake buga gem da ita, kuma monitarka tana da ramin DisplayPort, to DisplayPort za ka saya. Idan PS5 ko Xbox gare ka, ba ka ma da zaɓi, HDMI ce kawai. A duka biyun kebul shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka fitar wa kuɗi, bayan ka gama duba ramukan da za a soka shi. Mu kuwa a nan Poli ta Kaura Namoda mun saba da yin akasin haka. Mutum zai tara kuɗin makaranta da ya rage, ya haɗa da ɗan abin da ya samu a wajen koyon aiki, ya sa a aiko masa da monita mai 144 Hz daga Kano, sannan ya shiga shagon caja mafi kusa ya ce a ba shi kebul mai kyau. Daga nan sai ya shekara yana kallon 60 Hz a allon da ya biya kuɗin 144, bai ma sani ba.

Me ya sa abin ya dame mu fiye da ɗalibin Kano? Shi idan kebul bai yi ba, zai hau a-daidaita-sahu ya koma Titin Beirut ko kasuwar waya ta Farm Centre a canza masa kafin la'asar. Mu kebul ɗin HDMI ne kaɗai ke ko'ina, domin shi ake jona dikoda da talabijin. Na DisplayPort sai an dace, galibi sai an tambaya a Gusau ko a aiko a mota. Wanda gidansu ke Shinkafi ko Zurmi ya san cewa waɗannan hanyoyi a 'yan shekarun nan ba na bi sau biyu saboda igiyar waya ba ne. Don haka a wajenmu sayen dole ne ya zama na farko kuma na ƙarshe.

Abin da kebul yake ɗauka

Bari mu fara da Hz ɗin nan da ake ta tinƙaho da shi. Adadin sau nawa monita ke sake zana hoto ne a sakan ɗaya. Mai 60 Hz tana zana sabon hoto sau 60, wato kowane hoto yana zama kusan milisakan 16.7. Mai 144 Hz tana zanawa sau 144, kowane hoto milisakan 6.9. Wannan ne dalilin da ya sa idan ka juya bindiga a wasan harbi kake ganin abin yana tafiya sumul, kuma abokin gaba yana bayyana a idonka da ɗan wuri.

To amma kowane hoto kaya ne da sai an ɗauko shi daga kwamfuta an kai wa monita. Hoton ɗigo-ɗigo ne, kuma kowane ɗigo a launin da aka saba yana cin bit 24. Ninka yawan ɗigo da 24, sannan ka ninka da Hz, ka samu nauyin kayan da za a kwasa a sakan ɗaya. Duk ɗan ND 1 da ya wuce lissafin zangon farko zai iya wannan a bayan littafi.

Ka ɗauki abin kamar tanki da tiyo da famfo. Tanki shi ne ramin da ke jikin kwamfuta ko na'urar gem. Tiyo shi ne kebul. Famfo shi ne ramin da ke bayan monita. Ruwan da zai fito ba zai wuce abin da mafi ƙanƙanta cikin ukun ya bari ba. Ka sayo tiyon da ya kai cinya kauri ka jona a ƙaramin famfo, ruwan ƙaramin famfo za ka tara. Wannan ita ce gaskiyar da mai shago ba zai faɗa maka ba, wani lokaci ba don mugunta ba, shi ma bai sani ba ne.

Kowane rami yana da zamani, kuma zamanin ne ke faɗin girmansa. HDMI 1.4, wadda ta fito a 2009, tana wucewa da hoto na kusan gigabit 8.2 a sakan. HDMI 2.0 ta 2013 tana wucewa da 14.4. HDMI 2.1 ta 2017 tana iya haura 40. A ɗaya ɓangaren, DisplayPort 1.2 tana ɗaukar 17.3, ita kuma 1.4 ta 2016 tana ɗaukar 25.9. Idan ka ga an rubuta 10.2 ko 18 ko 48 a kwalin HDMI, ba ƙarya ba ne. Wancan jimillar abin da ke bi ta wayar ne, ni kuma na ba ka abin da ya rage wa hoto zalla bayan an cire na tsara saƙo.

Abin lura a nan shi ne bakin ramin bai canza kama ba. HDMI ta 2009 da ta 2017 kai ɗaya suke karɓa, ido ba ya bambance su. Shi ya sa kebul zai shiga daidai, hoto ya fito tas, ka ɗauka komai ya yi.

Mu gwada da monita ɗaya

A ce wani ɗan HND ya sayi monita mai inci 27, ɗigo 2560 a kwance da 1440 a tsaye, an rubuta 165 Hz da manyan baƙaƙe a kwali. Irin wannan ta yi yawa a kasuwa yanzu, kuma da yawansu suna zuwa da ramukan HDMI 2.0 da ramin DisplayPort guda.

Ninka 2560 da 1440, ka samu ɗigo 3,686,400. Ninka da 24, hoto guda ya zama kusan megabit 88.5. A 144 Hz, nauyin ya kai gigabit 12.7 a sakan. Akwai ɗan ƙarin da ake sakawa tsakanin hoto da hoto, wanda ke kai shi wajen 14. HDMI 2.0 mai 14.4 za ta ɗauka, amma da kyar, kamar motar haya da aka cika ta har but. Yanzu ka ɗaga zuwa 165 Hz. Nauyin ya zama 14.6 tun kafin a saka wancan ƙarin. Ya riga ya fi ƙarfin HDMI 2.0. DisplayPort 1.2 kuwa mai 17.3 za ta kwashe shi har da saura.

Ma'ana, 165 ɗin da ke kwali ta ramin DisplayPort kaɗai ake samunsa. Ko wannan ɗalibi ya sayo kebul ɗin HDMI mafi tsada a Najeriya, a 144 zai tsaya, domin famfon ne ƙarami.

Shin wannan asara ce babba? Gaskiya a'a. Tsakanin 144 da 165 bambancin bai kai milisakan ɗaya ba a kowane hoto, kuma ba zan ce wa kowa ya hau motar Gusau saboda shi ba. Babbar asarar tana wani wuri. A ce ɗalibin nan tsohuwar laftof ce gare shi, irin na hannu da ake kawowa daga Turai, mai ramin HDMI 1.4. Ramin yana wucewa da 8.2, shi kuma yana neman 12.7 zuwa sama. Abin da zai samu a wannan monita 60 ne ko 75 Hz. Ya biya kuɗin babur ya koma tafiya a ƙasa. Idan ya je ya yi ƙorafi a shago, amsar da zai ji ita ce: "Ai wancan kebul ɗin ƙarami ne, yallaɓai, ga mai 8K nan, orijinal." Ya sake biya, ya dawo ɗaki, 60 ɗin dai tana nan daram.

Maganinsa yana gefen laftof ɗin, in yana da rabo. Wasu tsofaffin laftof na ofis, kamar HP EliteBook 840 G3, suna da cikakken ramin DisplayPort. Wasu ThinkPad suna da ƙaraminsa, Mini DisplayPort. Sababbi kuma sukan fitar da hoto ta ramin USB-C, idan akwai alamar harafin D ko ta walƙiya a gefensa, sai a nemi kebul mai USB-C a kai ɗaya da DisplayPort a ɗayan. Ba kowane USB-C ke fitar da hoto ba, wani na caji ne da tura fayil kawai. Sannan a sani, ko ramin ya buɗe, laftof ɗin ofis ba ta da ƙarfin samar da hotuna 144 a sakan a manyan wasanni. Kebul ɗaukar kaya yake yi, ba ya ƙera su.

Ko ƙaramar monita mai ɗigo 1920 da 1080 ba ta tsira ba. A 144 Hz tana neman kusan gigabit 8, wato daf da bakin iyakar HDMI 1.4. Saboda haka wasu monitocin masu wannan rami suke tsayawa a 120, tsofaffi ma a 60, su bar 144 ɗin ga DisplayPort. Takardar da ke cikin kwali tana da jadawalin da ke nuna Hz nawa kowane rami ke bayarwa. Wannan jadawali ya fi duk wani rubutun da ke jikin kwalin muhimmanci. Idan monitar ta hannu ce ba takarda, ka sa mai sayarwa ya ɗauko maka hoton lambar samfurin da ke bayanta, ka nemi takardar a shafin kamfanin kafin ka tura ko sisi.

Masu PS, ku ajiye kuɗinku

Na san yawancin masu karanta wannan ba kwamfutar tebur gare su ba, a gidan gem suke buga ƙwallo, wasu ma suna shirin buɗe nasu idan sun gama. To ku saurara. PS4 ba ta wuce 60 Hz, ko wace monita aka jona mata, ko da wane kebul. Wanda zai buɗe gidan gem a Zurmi da PS4 uku, in ya sayi monitoci masu 144 Hz ya zuba kuɗi a rijiya. Talabijin ko monita mai 60 ta ishe shi.

PS5 tana kaiwa 120 Hz, amma ba ta da DisplayPort ko kaɗan, haka ma Xbox Series X. Kuma ba kowane wasa ke ba da 120 ɗin ba, sai irin su Fortnite da Call of Duty da aka gina su da shi. Don haka mai PS5 ramin HDMI na monita zai bincika: yana karɓar 120 Hz kuwa? A 1080 ko 1440, HDMI 2.0 ta isa. Sai wanda ke son 4K a 120 ne yake buƙatar cikakkiyar 2.1. Kebul ɗin da ke zuwa cikin kwalin PS5 ya riga ya isa wannan aiki, kada kowa ya ruɗe ka ka canza shi.

Akwai wata dabara da nake jin ana ba juna a hostel, wai a sayi adafta a jona PS a ramin DisplayPort na monita don a samu Hz mai yawa. Kebul mai arha da ke da DisplayPort a kai ɗaya da HDMI a ɗayan hanya ɗaya yake bi: daga kwamfuta mai DisplayPort zuwa allo mai HDMI. Ka juya shi, allo baƙi za ka gani. Juyawar tana buƙatar wata na'ura dabam mai cin wuta, mai tsada, wadda sau da yawa ita ma take rage Hz ɗin. Kuma ko ta yi aiki, PS ɗin ba za ta wuce iyakarta ba.

Me ya sa nake fifita DisplayPort a kwamfuta

Wani zai ce, to tunda HDMI 2.1 ta fi DisplayPort 1.4 faɗi, ina fifikon? Tambaya ce mai kyau, kuma a takarda gaskiyarsa. Amma kayan da ke iso mana nan ba na takarda ba ne. Monitar da aljihun ɗalibi ke iya saye galibi HDMI 2.0 ko 1.4 gare ta, a gefen DisplayPort da ta fi su faɗi. Bugu da ƙari, tun 2021 aka gano cewa dokar masu HDMI ta yarda kamfani ya rubuta 2.1 a na'urar da ƙarfinta na 2.0 ne. Lambar kaɗai ba shaida ba ce, sai ka ga Hz ɗin a jadawali.

Dalili na biyu shi ne yagewar hoto. Idan kwamfuta tana fitar da hotuna 97 a sakan, monita kuma tana zana 144, sai ka ga hoton ya rabu biyu a tsakiya kamar an yage takarda an liƙa a karkace. FreeSync na AMD da G-Sync na Nvidia suna sa monita ta bi takun kwamfuta don a kauce wa haka. Mai katin hoto na AMD yakan samu wannan ta HDMI ma. Mai katin Nvidia kuwa, a irin monitocin nan masu sauƙin kuɗi, ta DisplayPort ake samu, musamman masu tsofaffin kati kamar GTX 1060. Ka jona HDMI, zaɓin ba zai ma bayyana ba.

Ba na musun cewa HDMI ta fi amfani a rayuwar yau da kullum. Ita ke shiga majigin ɗakin lacca ranar kare aikin ƙarshe, ita ke shiga talabijin ɗin gida a hutu, kuma idan ta lalace za ka samu wata a kasuwar Shinkafi ko a bakin tasha. Ka riƙe guda a jaka. Sai dai kada ka ɗora mata kayan da ramin monitarka bai ba ta damar ɗauka ba.

A gaban shago

Kebul ɗin HDMI a ƙa'ida ba a kiransa da 1.4 ko 2.0, da sunan gudunsa ake kiransa. Wanda aka rubuta Premium High Speed an gwada shi a kan gigabit 18, shi ne abokin HDMI 2.0. Wanda aka rubuta Ultra High Speed an gwada shi a kan 48, na 2.1 ke nan. Na gaskiyar duka biyun suna da tambari mai lambar QR a jikin kwali. Kalmomi irin su 8K da aka buga da jan fenti a leda, kowa na iya bugawa. A DisplayPort kuma ka nemi wanda VESA, ƙungiyar da ta ƙirƙiro shi a 2006, ta tantance. Ga monita irin ta misalinmu, kowane lafiyayyen kebul ɗin DisplayPort zai yi. Kafin ma ka saya, zazzage kwalin monitar, sau da yawa akwai guda a ciki.

Kai mai ruwan zinariya ba ya ƙara wa hoto kyau. Saƙon lambobi ne, ko ya isa ko bai isa ba, ba kamar eriyar da ba ce da hoto ke yin dishi-dishi. Tsawo kuwa yana da tasiri: mita ɗaya da rabi zuwa biyu ya wadatar a tebur, kuma duk ƙarin tsawo ƙarin haɗari ne a Hz mai yawa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Kebul mara kyau yana tona kansa. A 60 Hz zai yi lafiya lau. Ka ɗaga zuwa 144, sai allo ya riƙa yin baƙi na sakan ɗaya ko biyu ya dawo, ko ka ga fararen ɗigo suna ƙyalli kamar tartsatsi. A nan sai a yi hankali, domin mu masu rayuwa da janareto mun saba ɗora wa wuta laifin komai. Gwajin mai sauƙi ne: mayar da shi 60. Idan matsalar ta tafi, ta kuma dawo da zarar ka koma 144, kebul ne. Idan ƙaramar fitilar monitar ma tana ɗaukewa tare da hoton, ko a 60 ɗin, to je ka duba soket da wutarka.

Abu biyu kuma da ke cinye wa mutane kaya. Kan DisplayPort da yawa yana da ƙugiya da ke kama ramin, sai ka danna maɓallin da ke bayansa kafin ka zare. Ka fizge shi da ƙarfi kamar na caja, za ka iya ɓaro ramin monitar gaba ɗaya, gyaran kuma ba na nan kusa ba ne. Na biyu, a kwamfutar tebur mai katin hoto, ramukan katin su ne na ƙasa, a kwance. Waɗanda ke sama kusa da ramukan USB na babban allon kwamfutar ne. Ka soka a can, ka tsallake katin da ka fi kashe wa kuɗi.

Bayan an jona komai daidai, saura mataki ɗaya da mutane da yawa ba sa yi. Windows takan bar sabuwar monita a 60 Hz har sai ka canza da hannunka. A Windows 11 ga hanyar:

```
Settings > System > Display > Advanced display > Choose a refresh rate
```

Idan ka buɗe jerin ka ga 144 ko 165, zaɓa, ka motsa linzami a allo, idonka zai faɗa maka. Idan babbar lambar ba ta cikin jerin, kada ka ruga sayen wani kebul tukuna. Yawanci rami ne ya taƙaita ka, na kwamfuta ko na monita, domin jerin yana fitowa ne daga abin da na'urorin biyu suka yarda da shi a tsakaninsu. Mai PS5 kuma ya shiga Screen and Video, sannan Video Output, ya tabbata zaɓin 120 Hz a kunne yake.

Shawarata ga duk wanda zai yi odar monita a wannan zangon: kafin ka tura kuɗi, ka sa a turo maka hoton bayanta inda ramukan suke, da hoton lambar samfurin. Ka juya taka na'urar ka rubuta ramukan da take da su. Ka yi ninkin nan na ɗigo da 24 da Hz, ka gwada da ƙaramin ramin cikin biyun. In DisplayPort ta fito, ka ce a sako kebul ɗinta cikin kwali ɗaya da monitar, a mota ɗaya, domin nemansa daga baya a Kaura ya fi sayensa wahala.